Sikanin Tsofaffin Hotunan Takarda Kafin Gyara: Nazarin Ƙa'idar Zaɓen Yawan Ɗigo

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matakin farko na ceto tsohon hoton takarda, wato kwafe shi da na'urar sikana kafin a taɓa shi da kowane irin gyara. Ta bayyana yadda ake lissafa yawan ɗigon da ya dace, da irin fayil ɗin da ya kamata a adana, sannan ta bi misali guda daga farko zuwa ƙarshe. Maƙalar ta nuna cewa abin da sikana ba ta ɗauka ba tun farko, babu gwanintar gyara da za ta dawo da shi.

1.0 Gabatarwa

Tsohon hoto abu ne mai rauni, kuma galibi shi kaɗai ne ya rage, domin fim ɗin da aka wanke shi daga ciki ya daɗe da ɓata. Idan mai shi ya ga ya yi datti ko ya yage, abin da ke fara zo masa a rai shi ne ya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ko ya liƙe yagewar da salatif, ko ya ɓamɓaro shi daga gilashin da ya manne wa. Kowanne daga cikin waɗannan na iya zama ajalin hoton. Fuskar hoton baƙi-da-fari ɓawo ne siriri na jelatin mai ɗauke da ƙwayoyin azurfa. Ruwa yana kumbura shi, ya yi laushi, har yatsa ya iya share fuskar mutum daga kansa. Saboda haka ƙa'idar masu adana kayan tarihi ita ce a kwafi hoto yadda aka same shi, da dattinsa da tsagewarsa, kafin komai. Idan gyara ya ɓaci, akwai madogara.

2.0 Ma'anar Yawan Ɗigo

Sikana tana rarraba hoto zuwa ƙananan ɗigogi, ta auna haske da launin kowanne. Yawan ɗigon da take ɗauka a tsawon inci ɗaya shi ne adadin da ake gani a allo da sunan ppi, wasu manhajojin kuma su rubuta dpi. Lissafin mai sauƙi ne:

```
yawan ɗigo = tsawo a inci × ppi
```

Ana son hoton da za a buga a takarda ya samu kimanin ɗigo 300 a kowane inci domin ido ya gan shi sumul. Daga nan ne ƙa'idar ta fito: idan za a buga hoton a girmansa na asali, 300 ta wadatar, idan za a ninka girmansa sau biyu, sai 600, sau uku, sai 900. Ke nan ƙaramin hoto ya fi babba bukatar adadi mai yawa, saɓanin yadda mutane da dama ke zato.

Akwai tarko guda a nan. Kwalin sikana kan ɗauki adadi iri biyu: wanda idon na'urar ke gani da gaske, da kuma wanda manhaja ke ƙirƙira ta hanyar cusa ɗigogin ƙiyasi a tsakanin na gaskiya. Na biyun yana ƙara nauyin fayil ne kurum, ba ya ƙara ko gashin gira ɗaya. Don haka ba a wuce adadin gaskiya na na'urar, wanda takardar bayaninta ke kira optical resolution.

3.0 Misali: Hoton Iyali Mai Girman Kati

A ɗauka an kawo hoton iyali baƙi-da-fari, irin mai girman katin gidan waya, faɗinsa inci 3.5, tsawonsa inci 5.5. Mutum takwas ne a ciki. Tsagewa ta ratsa fuskar dattijuwar da ke zaune a tsakiya, kuma akwai tabon ruwan ɗorawa a kusurwa ɗaya. Iyalan suna son abu biyu: a buga hoton gaba ɗaya da girma, sannan a fitar da fuskar dattijuwar ita kaɗai, domin ba su da wani hotonta.

3.1 Zaɓen Adadi

Idan aka kwafe shi a 600, za a samu ɗigo 2,100 a faɗi da 3,300 a tsawo. Wannan ya isa a buga hoton a inci 7 da 11 ba tare da ya dusashe ba. Bukata ta farko ta biya.

Bukata ta biyu ce ke sauya lissafi. Faɗin fuskar dattijuwar a kan takardar bai wuce rabin inci ba. A 300, fuskar duka ɗigo 150 ce, wadda ba za ta bugu da kyau ba sai a rabin incin nan. A 600 ta zama 300, wato inci ɗaya. A 1200 kuwa ta kai 600, abin da zai ba da fuska mai faɗin inci biyu. Abin lura shi ne, mafi ƙanƙantar abin da ake bukata a cikin hoto shi ke yanke adadin, ba girman takardar ba.

Tsagewar ma tana da nata hukuncin. A ce kaurinta milimita 0.2 ne. A 300, kowane ɗigo yana cin kimanin milimita 0.085, don haka tsagewar ɗigo biyu ce ko uku, kuma gefunanta sun cakuɗe da fatar fuska. A 1200, ta kai ɗigo tara ko fiye, gefunanta sun fito sarai, mai gyara zai iya cike ta ba tare da ya ci ido ko leɓe ba. Bisa waɗannan dalilai biyu, 1200 ce ta dace da wannan hoto.

Sai dai ƙarin yana da iyaka. Takardar hoto ba ta riƙe bayani kamar fim. Idan aka kai inda zaren takarda da ƙwayoyin azurfa suka fara bayyana a allo, to an kwashe abin da ke akwai. Hanyar ganewa ita ce a kwafi ɗan yankin ido a 600, a 1200 da 2400, a jera su. Inda sabon abu ya daina fitowa, nan ne iyakar.

3.2 Launi da Zurfinsa

Ko da yake hoton baƙi-da-fari ne, ana kwafe shi a matsayin mai launi. Fayil mai launi yana da sassa uku: ja, kore da shuɗi. Tabon ruwan ɗorawa yana fitowa da duhu a sashen shuɗi, amma a sashen ja kusan ba a ganinsa. Mai gyara zai iya ɗaukar sashen ja ya gina aikinsa a kai, tabon ya kau ba tare da an goge komai ba. Wanda ya kwafi hoton a toka-toka ya narkar da tabon cikin hoton, ya toshe wa kansa wannan ƙofa.

Haka nan ana zaɓen 48-bit a maimakon 24-bit. Na ƙarshen yana ba kowane sashe matakan haske 256, na farkon kuwa 65,536. Koɗaɗɗen hoto ya takure ne a ɗan yanki na waɗannan matakai. Idan aka miƙe su domin a dawo da baƙi da fari, 256 ɗin sai su yi giɓi, kumatu da goshi su fito layi-layi kamar matakala. Farashin wannan zaɓi shi ne nauyi: ɗigo 4,200 sau 6,600, kowanne da bayit shida, sun kai kimanin megabayit 166.

3.3 Aikin Kansa

Ana fara da goge gilashin sikana da ƙyalle mai laushi, a bari ya bushe. A lokacin hunturu wannan na bukatar maimaitawa bayan kowane 'yan hotuna, domin a 1200 ƙwayar ƙura ɗaya tana fitowa kamar tsakuwa. Hoton kansa ba a yi masa komai sai hure ƙura da 'yar robar hura iska, kuma a gefe ake riƙe shi. Idan ɓawonsa ya fara ɓarewa, ko hurawar ma a bari.

Bayan haka sai a kashe duk gyaran da manhajar sikana ke yi da kanta: ƙara kaifi, maido da launi, share ƙura. Waɗannan gyara ne, kuma suna shiga fayil ɗin ba fita. Mai share ƙura kan ɗauki ƙyallin ƙwayar ido a matsayin datti ya goge shi. Ana kuma barin ɗan fili kewaye da hoton domin gefunansa huɗu su fito, shaidar cewa ba a yanke komai ba.

Kafin a kammala, a dubi jadawalin haske da manhaja ke kira Histogram. Idan tudun ya jingina da bangon hagu ko na dama, to wani baƙi ko fari ya ƙone, kuma aikin zaren da ke jikin farar babbar riga ya tafi. Kyakkyawan kwafi na farko yakan yi kama da maras armashi, ɗan dishi-dishi. Wannan alama ce ta cewa komai na nan.

Daga ƙarshe a juya hoton a kwafi bayansa. Hatimin mai hoto, da suna ko kwanan wata da aka rubuta, su ne sau da yawa kaɗai shaidar wuri da zamani.

3.4 Adanawa

Ana adana kwafin a TIFF, domin JPEG yana zubar da wani ɓangare na bayani don rage nauyi, yana ƙara zubarwa duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa, kuma ba ya riƙe 48-bit. Wannan fayil shi ne uwa: ba a gyara a kansa, sai a kan kwafinsa, kuma ana ajiye shi a wuri biyu mabambanta.

4.0 Hotunan da Ke Ba da Wahala

Iri uku ne suka fi gagarar wannan tsari. Na farko shi ne hoton da ya manne wa gilashi. Ba a ɓamɓaro shi. Ana kwafe shi ta cikin gilashin. A nan nau'in sikana yana da tasiri: mai ido irin CIS, siririyar nan, ba ta gani da kyau sai abin da ya kwanta a kan gilashinta, yayin da mai CCD ke jure 'yar tazara.

Na biyu shi ne takarda mai ƙurji-ƙurji kamar saƙar zuma. Fitilar sikana tana haskowa daga gefe guda, sai kowane ƙurji ya yi inuwa. Maganinsa a kwafa sau biyu, a karo na biyu a juya hoton kansa ya koma ƙasa, sannan a ɗora kwafin biyu a kan juna. Inuwar ɗaya ta faɗa kan hasken ɗaya, su rage juna.

Na uku shi ne hoton da azurfarsa ta taso, wuraren baƙi suka yi ƙyalli mai shuɗi-shuɗi kamar madubi. Sikana tana ƙara fito da wannan ƙyalli. Irin wannan ya fi dacewa da kyamara da fitilu biyu daga gefe, tare da matatar haske mai kashe ƙyalli.

5.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa ba a zaɓen yawan ɗigo da ka. Ana lissafa shi ne daga girman hoto, da girman da ake son bugawa, da mafi ƙanƙantar abin da ake son cetowa. Ga yawancin hotuna 600 ta isa, ƙanana da na taron jama'a kuwa 1200. Sai an buɗe fayil ɗin uwa, an zuƙo fuska an tabbatar ta fito, an kuma ajiye shi a wuri biyu, sannan hannu ya halatta ya taɓa takardar.