Me Ya Sa Ake Cewa "Sayen Hatsi" Amma Ba a Cewa "Kamawar Kifi"?

Aikina koyar da nahawun Hausa ne, kuma duk lokacin da na zauna duba takardun jarrabawa, akwai wata amsa da nake yawan cin karo da ita. Idan aka tambayi ɗalibi yadda ake samar da suna ɗan aikatau, sai ya rubuta cewa ana liƙa ɗafa-ƙeyar "-wa" a jikin aikatau, ya kawo "kamawa" da "rufewa", ya ajiye biro. Wannan rabin amsa ce, kuma tana damuna, domin ɗalibin da ya rubuta ta shi ne zai fita kasuwa ya ce yana "neman" canji, yana "sayen" tumatir, yana "jifan" kare, ba tare da "-wa" ko ɗaya ba. Bakinsa ya san ƙa'idar. Abin da ya rage shi ne a nuna masa yadda zai ciro ta daga bakin nasa.

Hanyar da nake bi da ɗalibaina ita ce gwajin "yana". Hausa takan buƙaci suna ɗan aikatau a lokaci mai ci, saboda haka ka ɗauki kowane aikatau ka sa shi bayan "yana" sau biyu: sau ɗaya babu karɓau, sau ɗaya da karɓau. Abin da ya fito shi zai gaya maka ɓangaren da aikatau ɗin yake.

Mu gwada da "kama". Babu karɓau, za ka ce "yana kamawa". Da karɓau kuwa, "yana kama kifi". Ka ga "-wa" ta bayyana ne a inda babu abin da ya biyo baya, tana kuma ɓacewa da zarar karɓau ya zo. Yanzu gwada "saya". Ba wanda zai ce "yana sayi hatsi", sai dai "yana saye", "yana sayen hatsi". A nan kalmar ta rikiɗe ta zama suna sosai, har sai da ta nemi "-n" ta haɗa ta da karɓau, kamar yadda ake cewa "gidan Audu". Waɗannan su ne hanyoyi biyu, kuma giredin aikatau ne ke zaɓar wadda za a bi.

Tsarin giredi bakwai da ake koyarwa a makarantunmu F. W. Parsons ne ya shimfiɗa shi a 1960, daga baya aka ƙara giredi na sifiri don irin su "ci" da "sha". Masu ɗaukar "-wa" su ne giredi na 1, 4, 5, 6 da 7: "dafa" ya ba da "dafawa", "rufe" ya ba da "rufewa", "zubar" ya ba da "zubarwa", "kawo" ya ba da "kawowa", "gyaru" ya ba da "gyaruwa". Duk sunayen nan jinsin mace ne. Wannan ɓangare ba ya ba kowa wahala, sai dai a wuri ɗaya. Wasu sukan ji an ce "kamawar kifi" ba ta shiga bayan "yana", sai su ɗauka "-war" kuskure ce a ko'ina. Ba haka ba ne. "Dawowar alhazai" daidai take, domin alhazan su ne masu dawowa, ba karɓau ba ne.

Tushe ɗaya ya isa ya nuna tsarin gaba ɗaya, kuma na fi son tushen "say-". A giredi na 2 muna da "saya", sunansa "saye": yana sayen hatsi. A giredi na 4 akwai "saye", wato a kwashe duka: yana sayewa, yana saye hatsi. A na 5, yana sayarwa, yana sayar da hatsi. A na 6, yana sayowa, yana sayo hatsi. A na 7, hatsin yana sayuwa. Dubi jimloli biyun farko da kyau. Wanda "yake sayen hatsi" mai cefane ne ko ɗan kasuwa, amma wanda "yake saye hatsi" yana kwashe na kasuwa ne kaf. Tun da rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, harafin "n" ɗin nan kaɗai ke raba ma'anonin biyu a takarda. Marubucin da ya yar da shi ya ɗora wa mutum laifin ɓoye abinci bai sani ba.

Giredi na 3 da na sifiri suna da sauƙi a ido, domin sauyin a kunne yake. A "ya fita" wasalin ƙarshe gajere ne, a "yana fita" dogo ne. A "ya ci" gajere ne, a "yana ci" ya yi tsawo da karin sauti mai faɗuwa, kuma da karɓau sai a ce "cin tuwo", "shan fura". Akwai 'yan tsiraru da suka bauɗe, irin su "mutu" da "faɗi" masu ba da "mutuwa" da "faɗuwa", da "zo" da "je" da suka yi tarayya a kan "zuwa".

Inda aiki yake shi ne giredi na 2. Wasu aikatau a nan suna barin siffarsu yadda take, su zama jinsin mace: "karɓa" ta ba da "karɓar kuɗi", "fahimta" ta ba da "fahimtar darasi". Wasu kuwa suna sauya wasalin ƙarshe: "harba" ya koma "harbi", "zaɓa" ya koma "zaɓe", "koya" ya koma "koyo", "ciza" ya koma "cizo". Wasu har wasalin tsakiya suke sauyawa, shi ya sa "jefa" ke ba da "jifa", "doka" ke ba da "duka", "soka" ke ba da "suka". Babu wata doka da za ta gaya maka tun da wuri wace siffa aikatau zai ɗauka, kuma ban yarda malami ya ƙago wa ɗalibai wata ba don kawai allo ya yi kyau. Ko jinsi ba ya bin wasalin ƙarshe a nan: "nema" ya ƙare da "a", amma "neman aiki" ake cewa, ba "nemar aiki" ba. Abin da nake sa ɗalibai su yi shi ne su rubuta kowane suna tare da karɓau, domin "-n" ko "-r" ta fito fili.

Akwai kuma aikatau na giredi na 1 masu suna iri biyu, kuma ma'anarsu ba ɗaya ba ce. "Ɗinka" yana da "ɗinkawa" da "ɗinki", "karanta" yana da "karantawa" da "karatu", "gina" yana da "ginawa" da "gini". Idan ka tambayi tela ina rigarka, ya ce "ina ɗinkawa", to rigarka yake nufi, karɓau ɗin yana cikin zance ko da ba a furta shi ba. Idan ya ce "ina ɗinki", ya gaya maka aikin da yake yi ne kawai, wataƙila ma kayan wani ne a kan keken. Haka yaron da ya ce "ina karatu a Zariya" ba zai iya musanya shi da "ina karantawa a Zariya" ba, sai an tambaye shi me yake karantawa.

Gwajin "yana" yana da iyaka guda da ya kamata a sani. Idan "wa" ko "masa" ko "mata" suka biyo baya, suna ɗan aikatau ba ya fitowa. Ana cewa "yana neman aiki", amma "yana nema masa aiki". "Tana sayen zane", amma "tana saya wa uwarta zane". Ɗalibin da ya yi gwajinsa da irin wannan jimla zai ɗauka aikatau ɗin ba ya sauyawa, don haka a cire wanda ake yi wa aikin tukuna, sannan a gwada.