Ɗaya Cikin Goma: Fassara Adadin Haɗari a Takardar Magani

Takardar bayani da ake samu cikin kwalin magani takan jera illolin da maganin zai iya haifarwa, tare da adadin da ke nuna yawan aukuwarsu. A tsarin da ƙasashen Tarayyar Turai suke bi, wanda shi ne ake gani a takardu da yawa na Faransanci, illolin suna hawa hawa: wadda ke iya samun fiye da mutum 1 cikin 10, wadda ba ta wuce 1 cikin 10 ba, sai 1 cikin 100, 1 cikin 1000 da 1 cikin 10 000. Idan mai fassara ya kuskure a nan, majiyyaci zai iya barin maganin da yake buƙata don tsoro, ko ya raina illar da ta kamata ya kai wa likita.

Matsala ta farko tana cikin kalmar "kashi". A jawabin yau da kullum akan gajarta "kashi 10 cikin 100" a ce "kashi 10" kawai. Amma kalmar tana nufin rabo ko rukuni, don haka mai sauraro zai iya fahimtar cewa an raba abu gida goma ne. Saboda haka ba a yanke "cikin 100" a rubutun lafiya. Haka kuma dole a faɗi abin da ake ƙirgawa. "Sau ɗaya cikin goma" yana nuna cewa mutum guda zai gamu da illar sau ɗaya idan ya sha maganin sau goma, alhali takardar tana magana ne a kan mutane: "mutum ɗaya cikin mutum goma da suka sha maganin".

Matsala ta biyu ita ce alamar da ke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta. A Nijar, bisa al'adar Faransanci, waƙafi ake sa wa: 1,5 yana nufin ɗaya da rabi. A Nijeriya, bisa al'adar Ingilishi, ɗigo ake sa wa, wato 1.5, waƙafi kuwa dubbai yake rabawa. Ke nan 1,500 ɗaya da rabi ne ga ɗan makarantar Maraɗi, amma dubu ɗaya da ɗari biyar ne ga na Katsina. Tun da magunguna da rubuce-rubucen Hausa suna ƙetare iyakar nan kullum, ya fi kyau a bi adadi da kalmomi, a rubuta "1,5 (ɗaya da rabi)". Kada kuma a bar sifirin farko, domin ,5 kan rikiɗe ya zama 5 idan waƙafin ya dushe wajen bugu.

A ɗauka wata takarda ta kawo illoli uku: ciwon kai ga abin da bai wuce 1/10 ba, ƙaiƙayin fata ga 1 %, kumburin fuska ga 0,1 %. Idan aka bi su yadda suke, za a sami "ɗaya cikin goma", "ɗaya cikin ɗari" da "sifiri waƙafi ɗaya cikin ɗari". Wanda bai saba da lissafi ba zai iya ɗaukar ɗaya cikin ɗari ya fi ɗaya cikin goma yawa, tun da ɗari ta fi goma. Na ukun kuwa ya fi haɗari, domin idan alamar % ta faɗi, 0,1 ya koma ɗaya cikin goma, alhali 0,1 % ɗaya cikin dubu ne. An ninka haɗarin sau ɗari ke nan.

Mafita ita ce a zaɓi jimla guda wadda kowace illa za ta fito a cikinta da cikakken mutum. A nan dubu ce. Sai a rubuta: "Cikin mutum 1000 da suka sha wannan magani, waɗanda za su iya yin ciwon kai ba su wuce 100 ba, kimanin 10 za su iya yin ƙaiƙayi, kimanin mutum 1 kuma fuskarsa za ta iya kumbura." Yanzu babbar lamba ita ce ke nuna illar da ta fi yawa. A lura an riƙe "ba su wuce ba", domin asalin rubutun iyaka ya bayar, bai ce lalle mutum 100 ba ne. Sai dai adadi yawan aukuwa kaɗai yake nunawa. Kumburin fuska, duk da ƙarancinsa, yana iya zama alamar da ke buƙatar zuwa asibiti nan take, kuma dole fassarar ta riƙe wannan gargaɗi a jimla ta daban.

Kafin a buga, sai a karanta wa wanda bai ga asalin ba, a tambaye shi: a garin mutum dubu, nawa ne abin zai iya samu, kuma wace illa ce ta fi yawa? Idan amsarsa ta saɓa wa takardar asali, jimlar ce ke buƙatar gyara.