Kuɗin Haya Daban, Abin da Ke Shiga Aljihu Daban

'Yan uwa ɗalibai, abu biyu nake dubawa idan aka ce in kimanta gidan haya: tsantsar kuɗin da gidan ke kawowa a shekara, da kuma kason da wannan kuɗi ya zama a cikin darajar gidan. A takardun darasinmu na farkon shi ne `NOI`, na biyun kuma `cap rate`:

```
Cap rate = NOI ÷ Value
Value = NOI ÷ Cap rate
```

Mu ƙaddara gida ne mai ɗaki 10 da ɗalibai ke haya, kowane ɗaki naira 200,000 a shekara. Dillali zai ce maka gidan na kawo miliyan 2, kuma miliyan 20 ake nema, wato kashi 10 cikin 100. To, a tsaya tukuna.

Da wuya ɗakuna su cika shekara cur, kuma akwai mai gudu da kuɗin haya. Mu cire ɗaki guda, saura 1,800,000. Sai ɗawainiyar gidan: ladan mai karɓar haya 180,000, gyare-gyare 150,000, maigadi 240,000, kwasar masai da harajin fili 30,000. Jimla 600,000. Ka ga tsantsar kuɗin 1,200,000 ke nan. Raba shi da miliyan 20, za ka samu kashi 6, ba 10 ba.

Kada ka saka biyan bashin banki ko kuɗin ƙara sabon gini a cikin ɗawainiya. Gidan muke aunawa, ba hanyar da mai shi ya samo kuɗi ba.

To, kashi 6 ɗin ya yi ko bai yi ba? Kasuwa ce ke faɗa. A ce an sayar da irinsa a unguwar a kan miliyan 10, yana kawo tsantsar 800,000. Kason unguwar 8 ke nan. Raba 1,200,000 da 0.08, sai darajar gidanmu ta fito miliyan 15. Miliyan 5 aka ɗora masa. Lura: duk lokacin da kason ya hau, daraja sauka take yi, shi ya sa kuskuren kashi biyu kacal ya kai miliyoyi.

Wuri biyu ake zamewa. Na farko, mai gida ya ce ba ya kashe komai don da kansa yake karɓar haya. Duk da haka saka ladan, domin wahalarsa ma kuɗi ce. In kuma ya ce babu gyara, ɗaga kai ka dubi silin. Na biyu, kwatanci da farashin da aka yi talla maimakon wanda aka sallama. Nemi farashin da aka biya, kuma na gidaje uku ko fiye.

Wannan lissafi yana da iyaka. Hoton shekara guda ne, kuma idan filin ya fi ginin daraja, kamar tsohon gida a bakin babban titi, kason zai fito ƙarami ba don gidan ya yi tsada ba. A nan sai ka haɗa da farashin filayen unguwar kafin ka yanke hukunci.