Gyambon Kwanciya: Kowane Mataki da Abin Ɗaurinsa

Wata mai sauraronmu daga wani ƙauye kusa da Ɗanbatta ta rubuto cewa mahaifinta ya samu shanyewar ɓarin jiki, ciwo ya fito masa a ƙugu, da me za ta ɗaure?

Baiwar Allah, Allah ya ba Baba lafiya. Warkewar ciwo takan fara da tsayuwar jini, sai kumburi da ja na 'yan kwanaki, sai sabon nama ya toho jajir, fata ta rufe, tabo ya yi ta ƙarfafa har shekara. Gyambon kwanciya a kumburin nan yake maƙalewa, domin nauyin jiki bai bar jini ya ratsa ba.

Idan fatar ba ta fashe ba, sai duhu da zafi da tauri, ɗaga nauyi ne maganin: ki riƙa juya shi duk awa 2, matashi a ƙarƙashin ƙwauri don dugadugai su bar katifa. Kada ki murza wurin. Idan ta saɓule sama-sama, ki wanke da lita 1 ta tafasasshen ruwa da ya huce, mai gishiri ƙaramin cokali 2, ki rufe da bandeji mai basilin don kada ya manne ya yage sabon nama. Toka da garin kafso kuwa, don Allah a bar su.

In ya yi rami har ana ganin kitse, ya wuce aikin gida. Ma'aikacin lafiya zai cire mataccen nama, ya cika ramin sako-sako da jiƙaƙƙen bandeji, ko mai tsotse ruwa in yana zuba. Ƙashi a fili, wari, mugunya ko zazzaɓi, a kai shi babban asibitin Ɗanbatta ranar.