Yadda Ake Rabuwa da Matattun Caja da Igiyoyinsu Ba Tare da An Jefa Su a Bola Ba

Idan ka juya bayan kan cajar wayarka, sau da yawa za ka ga ɗan zanen kwandon shara an ja masa layi biyu gicciye. Ma'anarsa kada a haɗa wannan kaya da sharar gida. A Birnin Kebbi da Argungu gargaɗin yana da nauyi na musamman, saboda shararmu ba a juji take tsayawa ba. Wata a cinna mata wuta da yamma, wata ruwan damina ya kwashe ta cikin lambatu ya gangara da ita fadamar Rima, wata kuma manoma su ɗebe ta a amalanke su kai gona a matsayin taki. Abin da aka jefa a bola a Badariya ko Gesse yana iya ƙarewa a gonar shinkafa, ko a ruwan da masunta ke jefa homa.

Igiyar caja siraran wayoyin jan ƙarfe ce aka lulluɓe da roba, galibi irin wadda ake kira PVC. Wannan roba ba ta ruɓewa a ƙasa, kuma idan aka ƙona ta a fili tana fitar da hayaƙi mai yaji da ke ƙona maƙogwaro, tare da guba mai suna dayoksin da ke zama a toka da ƙasa shekara da shekaru. A cikin kan cajar kuwa akwai ɗan allo kore da aka liƙa wa ƙananan kaya da narkakken kuza, wanda a tsofaffin caja da masu araha yakan zo haɗe da dalma. Mun san ta'asar da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010. Ta can daga haƙar zinariya ta fito, kuma ta fi wadda ke cikin caja yawa nesa ba kusa ba, amma gubar ɗaya ce, kuma jikin yaro ba ya buƙatar ko ƙanƙaninta.

Mataki na farko: tabbatar ta mutu

Caja da yawa da ake yarwa rabinsu ne kawai ya lalace. Ɗauki igiyar da ka san tana aiki ka sa a kan da kake zargi. Idan wayar ta fara caji, kan lafiya lau yake, igiyar ce ta tsinke daga ciki, yawanci a wuyanta inda take lanƙwasa. Sai ka juya gwajin, ka sa tsohuwar igiyar a kai mai kyau. Idan duka biyun sun ƙi, duba bakin cajin wayar, domin ƙurar hunturu da zaren aljihu sukan toshe shi.

Amma akwai kan da ba a sake gwadawa: wanda ke warin ƙuna, ko ya kumbura, ko ya yi baƙi a gefe, ko ƙafafunsa ke girgiɗi, ko kuma yake jan mutum idan ya taɓa waya tana caji. Wannan ya gama aiki, kada a ba yaro ko a yi kyautarsa.

Mataki na biyu: ware su kashi uku

Igiyoyi a leda ɗaya, kawunan caja a wata, sannan duk abin da ke da batir a ciki, kamar fawa-banki da tocilan mai caji, a ware shi daban. Batirin irin waɗannan kaya yana kamawa da wuta idan aka huda shi, ko aka danne shi, ko ya sha zafin rana. Liƙe bakinsa da salatif, ka ajiye shi a inuwa nesa da murhu da galan ɗin fetur. Sauran biyun a zuba su a tsohon bokitin fenti mai murfi, inda ruwa ba ya taɓawa, yara da awaki ba sa kaiwa.

Mataki na uku: datse igiyar, ka bar kan a rufe

Igiyar da ta lalace, sa filaya ka datse bakinta biyu, ka zuba bakunan cikin ledar kawuna. Yin haka yana hana wani ya goge ta ya sayar a tebur kamar mai kyau. Kan caja kuwa kada ka fasa shi. Akwai ɗan abin da ke riƙe wuta a ciki, wanda kan tara sama da bolt 300 daga wutar gida, kuma a manyan cajojin kwamfuta yakan ɗan jima bai sauke ba bayan an zare.

Kebul mai kauri, irin na dutsen guga ko firji ko wayarin ɗin gida, ana feɗe shi ne da wuƙa. Shimfiɗa shi a kan katako, ka tsaga robar a tsaye kana tura wuƙar nesa da jikinka, sannan ka zare jan ƙarfen. Idan ya ɗan sha rana robar ta fi laushi. Sirariyar igiyar waya ba ta cancanci wannan wahala ba, a sayar da ita da rigarta. Ko ta wane hali dai ban da ƙonawa. Bayan cutar hayaƙin, ƙonannen jan ƙarfe yana yin baƙi, kuma bai kai feɗaɗɗe daraja a sikeli ba.

Mataki na huɗu: san abin da ke hannunka

A ce wani gida a Argungu ya tara igiyoyin waya goma, kawuna shida, kebul ɗin firji ɗaya da fawa-banki da ya kumbura. Gwaji ya ceto kawuna biyu. Igiyar waya mai tsawon mita ɗaya ba ta cika wuce giram 30 ba, kuma yawancin nauyin roba ne, don haka goman nan ba za su kai rabin kilo ba. Kebul ɗin firjin shi kaɗai yana iya fin su jan ƙarfe. A kankare bakin kowace waya a duba: idan ja ce har ciki, jan ƙarfe ne na gaske, idan fari ya bayyana, alminiyum ne aka shafa wa ja, idan mayen ƙarfe ya kama zaren, baƙin ƙarfe ne. Ƙarancin jan ƙarfen nan ya sa sayar da igiya ɗaya-ɗaya ba ya kawo komai. Gara maƙwabta, ko makaranta, ko shagon cajin waya na unguwa su ajiye buhu guda kowa na zubawa har ya cika.

Mataki na biyar: miƙa wa wanda ya dace

Kawuna da fawa-banki a fara kai su wurin masu gyaran waya da rediyo, domin suna cire abin da ke da amfani, kuma sun san dillalan da ke sayen allunan da suka mutu. Igiyoyi da jan ƙarfe na 'yan gwangwan ne. Kafin ka miƙa, tambayi mai sayen: "Malam, feɗewa kuke yi ko ƙonawa?" Idan ka ga baƙar toka da ƙonanniyar taya a bayan rumfarsa, nemi wani. A auna a gabanka, feɗaɗɗe daban, mai riga daban.

Makarantu da ofisoshi masu kaya da yawa suna da wata hanyar. Hukumar NESREA ce ke kula da dokar sharar kayan lantarki ta 2011, wadda aka sabunta a 2022, kuma ta ɗora wa masu ƙerawa da masu shigo da kaya alhakin karɓar matattunsu. Ƙungiyar EPRON, da aka kafa a 2018, ita ke haɗa su da masu tarawa da kamfanonin sarrafawa masu rajista, irin su Hinckley da ke Legas. Sai a tuntuɓe su a ji mai tarawa mafi kusa.

Daga yanzu, idan igiya ce ta mutu, sayi igiya kaɗai mai kauri, ka riƙa kama kanta wajen zarewa maimakon fizgar jelarta, kada kuma ka naɗe ta tamau a jikin caja. Igiyar da aka kula da ita haka takan daɗe ƙwarai kafin ta shiga bokitin.