Wane Hoto Zan Saka a LinkedIn?

Wani mai sauraronmu daga Dutse Uku, Jos, ya aiko yana tambayar wanda zai saka a LinkedIn cikin hotunansa uku: na biki, na kan dutse da tsakar rana, da na gindin bango da hantsi.

Malam, fara auna haske tukuna, domin fara'ar da ba a gani ba ta da amfani. Hoton kan dutsen shi ne na ƙarshe. Rana tana tsaka, inuwa ta rufe idanunka, kuma wayar ta auna hasken sararin sama, sai fuskarka ta yi duhu. Na bikin ya zo na biyu: dariyarka ta fito, amma LinkedIn yakan yanke hoto a da'ira, kafaɗar abokinka kuwa za ta leƙo ciki. Na gindin bangon ya yi nasara, tunda hasken inuwa mai laushi ne, idanunka suna kallon kyamara.

Za ka ce duwatsun Jos sun fi bango kyau. Gaskiya ne, sai dai a waya hoton bai wuce girman farce ba, kuma mai ɗaukar aiki fuskarka yake nema. Ƙanƙanta hotunan uku ka duba: wanda idanu suka ɓace a ciki ya faɗi.