Shawara Ga Mai Bibiyar Ciniki Ta Waya

'Yan kasuwar Ƙofar Taramniya a birnin Sakkwato, musamman masu sayar da shadda, sukan aika wa wanda ya taya kaya ya tafi saƙo irin wannan: "Alhaji, shiru? Don Allah ka taimaka ka saya, ko nawa ne." Aibinsa biyu ne, domin magiya tana karya darajar hajja har mai saye ya zaci akwai illa a cikinta, kalmar "shiru" kuwa zargi ce da ke sa mutum jin nauyi ya ƙi amsawa.

Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da sallama, a ambaci kayan da farashinsu, sa'an nan a bar masa zaɓi: "Salamu alaikum, Alhaji. Farar shaddar nan yadi goma da ka duba ran Litinin tana nan a kan farashin da muka yi magana. Zan ajiye maka ita zuwa Juma'a, in kuma ba ta yi maka ba, ba komai."

Sharaɗi dai wa'adin ya zama gaskiya, gama ƙaryar cewa wani na jiran kayan ha'inci ne da shari'a ta hana. In ka tuntuɓa sau biyu ba amsa, ka dakata.